Makonni Shida na Bita da Tsofaffin Takardun Jarrabawa

'Yan'uwa, a Birnin Kudu da Gwaram muna da yara da suka gama sakandare, amma rashin kiredit a Lissafi ya tare musu hanyar shiga jami'a. Da yawansu suna shirin sake zama jarrabawar WAEC, wayoyinsu cike da hotunan takardun shekarun baya. Ga yadda za a mori hotunan nan cikin makonni shida.

Bari mu ɗauki misalin wata yarinya a Gwaram mai hotunan takardun 2018 zuwa 2023.

Mako na ɗaya. Ta duba kowane hoto: shekara ta fito, shafuka sun cika, ƙananan lambobi da zane-zane suna karantuwa? Hoto mai dishi-dishi yakan mai da 3 ta zama 8. Ta ajiye takardun 2022 da 2023, kada ta leƙa su. Sai ta zauna wa takarda ta ɗaya ta 2018, tambayoyi 50 cikin minti 90. A ce ta ci 21. Ta kasa kurakurai 29 ɗin kashi uku a littafi: 15 ba ta san darasin ba, 8 garaje ne, 6 lokaci ya ƙare mata.

Mako na biyu da na uku. Waɗannan 15 su ne aikinta. In yawancinsu a kan da'ira da kusurwa suke, ta tattaro irinsu daga takardun 2019 zuwa 2021, ta kwafe su da hannu. Ta koyi darasin tukuna, sa'an nan ta amsa. Kwafewar nan tana kuma raba ta da waya, wadda caji kan ƙare mata, saƙonni kuma su ɗauke hankali.

Mako na huɗu. Ta koma takarda ta biyu, inda ake amsa tambayoyi 10 cikin minti 150, wato minti 15 kowace. Ta rubuta kowane mataki, gama ana ba da maki don hanyar aiki, ko da amsar ƙarshe ta kuskure.

Mako na biyar. Ta buɗe takardar 2022, agogo a gabanta, malami ya duba mata. A nan gaskiya take fitowa. In tana cin 40 a takardun da ta saba, amma 25 a wannan, haddar amsoshi ta yi. Sai ta koma littafin kurakurai.

Mako na shida. Takardar 2023 a farkon mako, sauran kwanakin kuwa gyara kawai, ban da sabon darasi.

Mu lura da abu biyu. Amsar da wani ya zagaye da biro a hoto ba lallai ba ne ta zama daidai, sai malami ya tabbatar. Hoton da aka ce na jarrabawar bana ne kuwa, kada mu karɓa. Satar amsa ce, tana iya sa a soke sakamakon yaro gaba ɗaya. Iyaye, mu rage wa yaran nan aikin gona da na gida awa biyu kullum, mu riƙe musu agogo.