Sayen Gida ko Zaman Haya a Dutse: Nazarin Kuɗin da Ake Ɗaurewa a Gini

Gabatarwa

Tun da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, aka mai da Dutse fadar gwamnati, buƙatar muhalli take ƙaruwa a garin. Kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a shekarar 2011 ya ƙara yawan masu neman haya. A bakin jama'a, kuɗin haya asara ne, gida kuwa kadara ce. Wannan maƙala za ta auna maganar da tambaya guda: nawa ne ya kamata darajar gida ta riƙa ƙaruwa kowace shekara kafin saye ya fi haya riba?

Misalin Lissafi

A ƙaddara wani ma'aikaci yana da naira miliyan 22, ya kuma ga gida a Takur ko Fatara ana sayarwa miliyan 20. Waɗannan alƙaluma na misali ne, mai karatu zai iya sauya su da farashin unguwarsa. Ragowar miliyan 2 za ta tafi a la'adar dillali da ladan lauya da sauya suna a takardar mallaka, domin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta wajabta neman amincewar gwamna kafin a sayar da filin da ke da irin wannan takarda. Gyaran rufi da yaɓe da famfo kuma, a ce naira 200,000 a shekara. Irin wannan gida, a ce hayarsa miliyan 1 ce.

Abin da aka fi mantawa shi ne amfanin da kuɗin zai kawo da ba a binne shi a bulo ba. Sukuk na farko da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2017 ya biya kashi 16.47 cikin ɗari a shekara. Idan aka ɗauki kashi 16, miliyan 22 za ta haifar da miliyan 3.52. Ke nan mai gida yana rasa miliyan 3.52, yana kuma kashe 200,000, jimilla miliyan 3.72, alhali ɗan haya miliyan 1 kawai yake biya. Tazarar miliyan 2.72 ce, wato kashi 13.6 cikin ɗari na kuɗin gidan. Idan darajar gidan tana ƙaruwa fiye da haka a shekara, mai saye ya ci riba. Idan ba ta kai ba, ɗan haya ne a gaba.

Abubuwan da ke Sauya Sakamakon

Na farko shi ne zakka. Gidan da mutum yake zaune a ciki ba a fitar masa da zakka, amma dukiyar da ake juyawa ana fitar mata da kashi 2.5 idan ta kai nisabi ta shekara. Idan ɗan hayan ya fitar a kan dukan jarinsa, naira 550,000 ke nan, sai ma'aunin ya sauko zuwa kusan kashi 11.

Na biyu shi ne hauhawar farashi, wadda ta kai kashi 34.8 a Disambar 2024. A irin wannan shekara ribar kashi 16 ba ta cike abin da naira ta rasa ba, kuma maigidan haya yakan ƙara kuɗi. Sai dai a lura, fili ne yake ƙara daraja, gini kuwa tsufa yake yi. Saboda haka a binciki nawa aka sayar da gidajen unguwar shekara biyar da suka wuce, da nawa ake sayar da su yau, ba nawa masu su suke yi musu kuɗi ba.

Na uku shi ne tsawon zama. Miliyan 2 ta la'ada da takardu ba ta dawowa. Wanda ya zauna shekara 20, ta ci masa 100,000 a shekara. Wanda aka yi wa canjin wurin aiki zuwa Haɗeja ko Gumel bayan shekara 3, ta ci masa kusan 667,000 a shekara, ga kuma jiran mai saye. Ɗan haya kuwa mukulli kawai zai miƙa.

Kammalawa

Dukan ribar ɗan haya ta rataya ne a kan sharaɗi ɗaya: kada a taɓa jarin, kuma a riƙa mayar da rarar ribar cikinsa. Da zarar biki da hidimar dangi sun fara gutsurarsa, lissafin ya rushe, a wayi gari babu gida babu jari, ga haya tana hawa, fansho kuwa ba ya bin ta. Don haka haya ta fi dacewa da wanda zamansa a Dutse na ɗan lokaci ne, kuma yake iya riƙe jari. Wanda ya tabbata nan zai yi ritaya, ya kuma sami gida mai ingantacciyar takarda a unguwar da darajarta ke haura wannan ma'auni, saye ya fi masa.