Darasin Lissafi: Kafin Ki Aiki Yaro Kasuwa

Ranar Juma'a, kafin ki aiki yaronki kasuwar Wudil, zaunar da shi ki ba shi wannan aikin a takarda.

A ce tumatir ₦750, albasa ₦480, man gyaɗa ₦1,250, kuma kin ba shi ₦3,000. Nawa zai kashe, nawa ne canji?

Kada ya fara da tarawa tukuna, ya fara da kintace: 800 da 500 da 1,300, wajen ₦2,600 ke nan. Sannan ya jera lambobin daga hannun dama ya tara, zai samu ₦2,480. Sun yi kusa, to madalla. Na sha ganin ɗalibi ya jera daga hagu ya samu 13,550, ko a jikinsa! Wanda ya kintata tuni ya san akwai matsala.

Sai dai kintace ba ya kama kuskuren ₦100, irin na mantuwa da ɗauko ɗaya. Maganinsa ya sake tarawa daga ƙasa zuwa sama.

Canji kuwa, ya ƙirga kamar mai shago: ₦20 ta cika ₦2,500, ₦500 ta cika ₦3,000. Ki jira ₦520.