Yadda Ake Koyon Alƙalancin Ƙwallon Hannu a Makaranta

A wannan fitowa ta mujallarmu ina so in yi bayani a kan yadda ake koya wa ɗalibi alƙalancin wasan ƙwallon hannu a darasin wasanni. Tsarin da ake bi shi ne wanda wani malamin jami'a a Amurka, Daryl Siedentop, ya bayyana a littafinsa na shekarar 1994. A wannan tsari ana raba aji ƙungiya-ƙungiya, kowa ya zauna a ƙungiyarsa har ƙarshen zango. Idan aji yana da mutum 36, sai a kasa shi uku, 12 a kowace ƙungiya. Biyu su kara, ta uku kuwa ta ba da alƙalai biyu, da mai kula da agogo, da mai rubuta ci. Sauran su zauna da takarda suna lura da alƙalan. Gobe kuma a juya. Ta haka babu wanda usur ba zai zo hannunsa ba.

Da farko dai sai an san fili. Tsawonsa mita 40 ne, faɗinsa mita 20, kuma kowane ɓangare yana da 'yan wasa bakwai har da gola. A gaban kowace raga akwai layi uku da alƙali ba zai yi aiki ba sai da su. Na farko layin mita 6 ne, wanda ya kewaye gidan gola, ba mai shiga cikinsa sai gola. Na biyu ɗan gajeren layin mita 7, inda ake yin jifa irin ta fanareti. Na uku layin mita 9, mai tsinke-tsinke. Malami yakan sa mu zana waɗannan layuka da kanmu da igiya da farar ƙasa, domin abin da hannu ya zana ido ba ya mance shi.

Mataki na biyu shi ne koyon tsayuwa. Alƙalai biyu ne, kuma ikonsu ɗaya. Ɗaya yana tsayawa a bayan masu kai hari, wato alƙalin fili. Ɗayan yana can layin ƙarshe a gefen raga, wato alƙalin raga. Ba sa tsayawa a gefe ɗaya: in wannan yana dama, wancan yana hagu, 'yan wasa suna tsakaninsu. Alƙalin fili yana lura da mai riƙe da ƙwallo, alƙalin raga kuwa idonsa yana kan layin mita 6 da masu kokawa a bakinsa. Da ƙwallo ta koma ɗaya ɓangaren, sai aikinsu ya juya, na fili ya ruga ya zama na raga. Babban kuskuren sabon alƙali shi ne duka biyun su zuba wa ƙwallo ido kamar 'yan kallo. Ana gane haka da sauƙi: za ka ji usur biyu a kan laifi ɗaya, alhali ga wani can a bakin layi ana ja masa riga ba wanda ya gani.

Mataki na uku shi ne busa da ishara. Usur ɗin mai jin tsoro ba ya tsai da wasa. Busa ɗaya mai ƙarfi ita ce ta laifi, gajeru biyu na nuna an ci, gajeru uku kuwa a tsai da agogo. Da ka busa, abu na farko shi ne ka miƙa hannu ka nuna ɓangaren da jifa za ta nufa, sannan ka nuna irin laifin. Dalili kuwa shi ne, yawancin jifan tazara ba a jiran wani usur kafin a yi shi, saboda haka 'yan wasa suna bukatar su san mai ƙwallo nan take.

Ba a ɗora wa mai koyo dokoki duka rana ɗaya. A makon farko laifi uku kawai ake ba shi, kuma a ɗan ƙaramin wasa na mutum huɗu-huɗu. Su ne taku fiye da uku da ƙwallo a hannu, da riƙe ƙwallo fiye da daƙiƙa uku, da buga ƙwallo a ƙasa a kama a sake bugawa. A wajen ƙirga taku akwai wata 'yar dabara. Idan aka jefo wa ɗan wasa ƙwallo ya cafe ta yana sama, dirar da ya yi ba a ƙirga ta, daga takun da ya biyo baya ake fara ɗaya. Wanda bai san wannan ba zai yi ta busa wa mutane laifin da ba su yi ba.

To, yanzu ga inda gizo ke saƙar, wato laifin jiki. Ƙwallon hannu wasa ne da aka yarda a taɓa juna. Mai tsaro yana da damar tare abokin karawarsa da gangar jikinsa, ko ya tarbe shi ta gaba da hannuwa a lanƙwashe. Abin da aka hana shi ne turi, da riƙo, da ja, da fizge ƙwallo daga hannu. Idan an yi laifi, ana koya mana mu yi wa kanmu tambaya biyu, kuma kada mu haɗa su. Ta farko: me laifin ya hana? Amsarta ce ke nuna irin jifan da za a bayar. Ta biyu: yaya aka yi laifin? Amsarta ce ke nuna horon da za a yi wa mai laifi.

Bari mu ɗauki misali. Ƙungiyar Ja da ta Kore suna kunnen doki, 11 da 11, saura minti huɗu. Mai lamba 5 na Ja ya karɓi ƙwallo a wajen mita 8, ya nufi raga. Mai lamba 3 na Kore yana gabansa, ya rungume shi har ya kasa motsi, ga kuma wani mai tsaro a kusa. Me laifin ya hana? Bai hana tabbatacciyar damar ci ba, tunda akwai masu tsaro tsakaninsa da gola. Saboda haka jifan tazara ne. Da yake laifin ya auku tsakanin layin mita 6 da na mita 9, sai a dawo da ƙwallo wajen layin mita 9, daidai inda ya fi kusa. 'Yan Ja duka su fita bayan wannan layi, 'yan Kore kuma su ba da tazarar mita 3. Yaya aka yi laifin? Ta gaba ne, ba mugunta, don haka babu kati.

Yanzu mu canza abu ɗaya. A ce lamba 5 ya riga ya wuce lamba 3, babu kowa a gabansa sai gola, sai lamba 3 ya cafko ƙugunsa ta baya ya janyo shi ƙasa, ƙwallo ta suɓuce. A nan an hana tabbatacciyar damar ci, saboda haka jifan mita 7 ne. Kuma da yake ta baya aka jawo shi, ba ƙwallo aka nufa ba, lamba 3 zai fita na minti 2, ko da ba a taɓa yi masa gargaɗi ba. Alƙali zai tsai da agogo, ya nuna mai laifin, ya ɗaga yatsu biyu. Kore za su yi wasa da mutum shida har mintunan su cika. Wanda zai yi jifan mita 7 kuwa sai ya jira usur, ya jefa cikin daƙiƙa uku, gola kuma kada ya wuce layinsa na mita 4.

Mu sake canza wani abu. A ce an ja lamba 5 ta baya, amma ya fi ƙarfin mai jan, ya kuɓuce da ƙwallo a hannunsa, jikinsa daidai, ya yi tsalle ya jefa. A nan ake gane alƙalin da ya koyu. Wanda ya yi gaggawar busa tun ana jan, ya ƙwace wa Ja cin da suke gab da yi, ya saka wa mai laifi da alheri. Doka ta ce a dakata a ga ƙarshen abin. In ƙwallo ta shiga, ci ya tabbata, sannan a koma a hori lamba 3. Jinkirin daƙiƙa ɗaya ke nan, amma ya fi komai wuyar koyo, domin 'yan kallo suna ihu, hannu kuma yana ƙaiƙayi. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

Akwai kuma abin da alƙalin raga zai duba a wannan tsalle. An yarda ɗan wasa ya tashi daga wajen layin mita 6, ya saki ƙwallo yana sama, sannan ya dira a cikin gidan gola. Amma in ya taka layin wajen tashi, ko ya dira kafin ya saki ƙwallo, babu ci, ƙwallo ta gola ce. Shi ya sa ake cewa alƙalin raga ya dubi ƙafa kafin ya dubi hannu.

Horo kuwa hawa-hawa ne. Katin gargaɗi mai ruwan ɗorawa sau ɗaya ake ba ɗan wasa, kuma bai kamata 'yan wasan ƙungiya ɗaya su karɓi fiye da uku ba. Daga nan sai fita ta minti 2. Wanda aka fitar sau uku ya sami jan kati, ba zai dawo ba, amma bayan minti 2 ƙungiyarsa za ta cike gurbinsa. Laifi mai haɗari, kamar fizgo hannun mai jifa ta baya yana sama, jan kati ne kai tsaye. Idan alƙalan biyu suka saɓa a kan nauyin horo, mafi tsanani ake ɗauka. Idan kuwa a kan mai ƙwallo suka saɓa, sai su tsai da agogo su yi shawara, in ba su daidaita ba a bi ra'ayin alƙalin fili.

Bayan kowane wasa, masu lura sukan karanta abin da suka rubuta: sau nawa aka ji usur biyu tare, sau nawa aka busa ba a nuna ɓangare ba, da ko an yi wa Ja da Kore hukunci iri ɗaya a kan laifi iri ɗaya. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi nauyi a makarantar kwana, domin wanda ka fitar da la'asar, wataƙila da shi za ku ci tuwo da daddare, wataƙila ma yayanka ne a aji. Maganin haka shi ne a riƙa kiran ɗan wasa da lambarsa, ba da sunansa ba, kuma a yi yarjejeniya tun farkon zango cewa kyaftin kaɗai ke yi wa alƙali tambaya, shi ma sai an tafi hutu.

Daga ƙarshe, ina shawartar wanda layi zai zo kansa mako mai zuwa da ya zauna a bakin fili yau, ya zaɓi laifi biyar, ya amsa wa kansa tambayoyin nan biyu kafin alƙali ya nuna hukuncinsa, sannan ya gwada amsarsa da ta alƙalin. Allah ya ba mu ikon yin adalci, amin.