Janaretan da ke tashi ya mutu bayan minti ɗaya: ku fara duba murfin tanki

Tun shekarun da ɗauke wuta, wato dumso, ya tsananta a Gana, musamman a 2015, ƙaramin janareta mai shan fetur ya zama abin sana'a a Krofrom da sauran unguwannin Kumasi. Da shi masu aski da teloli da masu cajin waya suke aiki. Ƙorafin da muka fi ji shi ne a ja igiya inji ya tashi lafiya, bayan kamar minti ɗaya ya fara shessheƙa ya mutu, in ya huta ya sāke tashi. Kafin ku kai shi wurin makanike, ga abin da ke faruwa.

A ƙasan kafireta akwai ɗan kwano da ke riƙe fetur kaɗan. Idan inji yana tsaye, mai yana ɗiga daga tanki har kwanon ya cika. Da wannan ne injin yake tashi. Idan man da ke saukowa bai kai wanda ake ƙonawa ba, kwanon zai ƙare, injin ya mutu. Wannan mintin shi ne lokacin shanye abin da ke cikin kwano. Tunda inji ya tashi, ba fulogi za mu fara zargi ba. Hanyar mai za mu bi, daga sama zuwa ƙasa.

Murfin tanki yana da ɗan rami da iska ke shiga ta cike gurbin man da ya sauka. Idan ƙurar hunturu ko tsatsa ta toshe shi, mai yana tsayawa, kamar yadda madarar gwangwani take ƙin zuba idan an huda wuri ɗaya kawai. Abin ya fi saurin faruwa idan tanki a cike yake, domin iskar da ke ciki kaɗan ce.

Mu ɗauki misalin mai aski da janaretansa ke mutuwa duk lokacin da ya cika tanki. Da injin ya mutu, sai ya kwance murfi a hankali yana saurare. Idan ya ji iska ta shiga da ƙara, ya sami alama. Sai ya bar murfin a sassauce, ya tayar da inji, ya jira minti goma. Idan bai mutu ba, ya ɗaure murfin. Idan ya mutu kuma, laifin na murfi ne. Sau da yawa leda ce aka shimfiɗa a bakin tanki don hana yoyo, ita ta rufe ramin. A cire ledar, a wanke murfin, ko a sayi sabo a Suame Magazine, a tafi da tsohon don a gwada. Wasu ƙananan janaretoci suna da ɗan maɓalli a kan murfi, a tabbata a buɗe yake. Sassauta murfi gwaji ne kawai, kada a ci gaba da aiki a haka, domin girgiza tana fantsama fetur.

Idan sassautawa bai canza komai ba, a kashe inji a bari ya huce. A ajiye gwangwani a ƙarƙashin kafireta, a buɗe famfon mai, a sassauta ƙusar tsiyaya da ke jikin kwano. Man farko na cikin kwano ne, don haka a jira a ga abin da zai biyo baya. Idan ya ci gaba da zuba, hanya a buɗe take. Idan ya koma ɗigo, datti ya tare rariyar famfo, ko tiyo ya lanƙwashe, ko allurar da ke shigar da mai cikin kwano ta manne. Ruwa kuma yana kwanciya a ƙasan gwangwanin, za ku gan shi.

Toshewar jet tana da tata alama: inji yana aiki da cok a rufe, da an buɗe cok sai ya mutu nan take, ko ƙararsa ta riƙa hawa da sauka. Tsohon fetur da ya yi watanni a kwano ne yake barin danƙo. A rufe famfo, a kwance kwanon da sifana, yawanci mai lamba 10, a fitar da jet da sukudireba, a wanke shi da maganin wanke kafireta har a hango haske ta raminsa. Kada a cusa allurar ɗinki, tana faɗaɗa ramin, inji ya koma shan mai da hayaƙi.

Injin da ya yanke farat ɗaya ba tare da shessheƙa ba, a duba baƙin mansa, domin janaretoci da yawa suna kashe kansu idan ya yi ƙasa ko an ajiye su a karkace.

Duk wannan aiki a yi shi a waje, nesa da murhu da sigari. Kada a tayar da janareta cikin ɗaki ko shago, hayaƙinsa yana kisa. Idan za a ajiye shi fiye da wata ɗaya, a rufe famfo a tsiyaye kwanon.