Kafin ka ja shafi a Excel, duba inda jimillarka take farawa da inda take ƙarewa

Yawancin masu riƙe asusun shago ko na makaranta a Excel wata-wata suke raba aikinsu. Fayil ɗaya ne, amma a ƙasan allo za ka ga sunaye jere: `Janairu`, `Fabrairu`, `Maris`, sannan wani shafi can gefe mai suna `Jimla`. Waɗannan 'yan kunnuwa masu ɗauke da sunan shafi su ake kira tab, kuma saboda sauƙin jan su da linzami, mutane na ɗaukan su kamar ado. Alhali a wasu fayiloli, wurin da tab yake zaune a jerin nan shi ke yanke ko kuɗin wannan wata zai shiga lissafi ko ba zai shiga ba.

A ɗauki mai shagon kayan masarufi da ke rubuta cinikin kowane wata a shafinsa, jimillar wata kuma tana gidan `D40` a kowane shafi. Janairu ya yi naira 420,000, Fabrairu 385,000, Maris 510,000. A shafin `Jimla` sai aka rubuta masa wannan:

```
=SUM(Janairu:Maris!D40)
```

Amsa ta fito 1,315,000, daidai. Sai dai ka lura da abin da fomular take faɗa. Ba ta ambaci Fabrairu ba ko kaɗan. Cewa ta yi a tara `D40` na duk shafin da ke tsakanin `Janairu` da `Maris`, har da su biyun. Saboda haka duk abin da aka jefa tsakaninsu ya shiga lissafi, duk wanda aka fitar kuma ya fita, ba tare da Excel ya yi maka ko tari ba.

To, ranar da yaron shago ya so gwada wani sabon farashi, sai ya riƙe `Ctrl` ya ja tab ɗin `Fabrairu` gefe kaɗan ya saki. Hanyar yin kwafi mafi sauri ke nan, kuma ba laifi ya yi ba. Sabon shafi ya fito da suna `Fabrairu (2)`, ya zauna kafin `Maris`. Nan take jimilla ta koma 1,700,000, domin an ƙirga 385,000 sau biyu. Da kuma bai riƙe `Ctrl` ɗin da kyau ba, ya ja ainihin shafin ya kai shi bayan `Maris`, da jimillar ta faɗi zuwa 930,000. A duka biyun babu jan rubutu, babu alamar kuskure a gidan. Lamba ce mai kyan gani, ƙarya kawai take yi. Hanyar ganewa ita ce idan jimilla ta yi tsalle ko ta faɗi da adadin da ya yi daidai da cinikin wata guda, kada ka soma binciken rasit tukuna, fara duba jerin tab.

Kada kuma ka dogara da `Ctrl+Z` a nan. Yana dawo da abin da ka goge a cikin gida, amma ba ya mayar da shafin da aka matsar, balle wanda aka share ɗungurungum. Wanda aka matsar, da hannu za ka ja shi ya koma. Wanda aka share kuwa, sai dai ka rufe fayil ɗin ba tare da ka adana ba, ka sake buɗewa, ka haƙura da duk aikin da ka yi tun adanawar ƙarshe. Shi ya sa nake adana fayil kafin in taɓa jerin shafuka.

Maganin da na fi yarda da shi mai arha ne. Ka buɗe shafuka biyu da babu komai a cikinsu, ɗaya `Farko`, ɗaya `Karshe`, ka sa watanninka a tsakiya, sannan fomular ta zama:

```
=SUM(Farko:Karshe!D40)
```

Yanzu iyakar lissafi a fili take, ido na ganin ta. Sabon wata ya shiga kafin `Karshe`, shafin gwaji ya tafi bayansa, shi ma `Jimla` ya zauna a waje. A nan ne launi yake da amfani na gaske. Danna tab da ɓangaren dama na linzami, ka zaɓi `Tab Color`, ka ba iyakokin biyu ja ko baƙi. Watannin da aka rufe lissafinsu su zama kore, wanda ake ciki ya zama rawaya. Launi uku ko huɗu sun isa. Wanda ya ba kowane wata launinsa bai faɗa wa kowa komai ba. Idan ka zaɓi launi ka ga ya fito a dushe, ba matsala ba ce, haka yake nunawa muddin kana kan shafin, da ka koma wani zai fito sosai. Launin ba ya taɓa lissafi, ba ya kuma fita a takarda idan an buga.

Kwafin wata domin buɗe sabon wata yana da nasa tarkon, kuma ya fi na farko ɓuya. Ka ce a saman shafin `Maris` akwai kuɗin da aka kwana da shi daga watan baya, an ɗauko shi da `=Fabrairu!D42`. Ka yi kwafin `Maris`, ka sauya masa suna zuwa `Afrilu`, ka goge cinikin da ke ciki. Fomulolin da ke kallon gidajen cikin shafin za su bi sabon shafin, lafiya lau. Amma wadda ke kallon wani shafi na waje ba ta motsi: har yanzu `Fabrairu` take kallo, ba ta san an shiga sabon wata ba. Dole ka gyara ta da hannu ta koma `=Maris!D42`. In ba haka ba, Afrilu zai buɗe da ragowar Fabrairu, kuma kuskuren zai bi duk watannin da aka kwafa daga gare shi. Bayan kowane kwafi ka danna `Show Formulas` a ƙarƙashin `Formulas`, ka bi duk inda ka ga alamar `!`, domin nan ne ake leƙa wani shafi.

Idan shafin zai tafi wani fayil ne daban, misali za ka tura wa mai shago watan Maris kaɗai, danna dama a kan tab ka zaɓi `Move or Copy`. A `To book` ka zaɓi fayil ɗin da zai karɓa, wanda dole ya kasance a buɗe, ko `(new book)` idan sabo kake so. A ƙasan akwatin akwai ɗan gurbi mai suna `Create a copy`. Mantawa da shi ya sa mutane da yawa sun kwashe shafi daga asalin fayil ɗinsu suna zaton kwafi suka yi. Ko ka tuna ka sa masa alama, akwai saura: fomular nan ta kuɗin kwana za ta koma irin wannan:

```
=[Asusu.xlsx]Fabrairu!D42
```

Wato sabon fayil ya ɗaure da tsohon da ke kan kwamfutarka. Wanda ka tura wa zai ga gargaɗi game da mahaɗai idan ya buɗe, kuma lambar ba za ta sabunta a wurinsa ba tunda ba shi da asalin. Idan kallo kawai zai yi, ka zaɓi komai a sabon shafin, ka kwafa, ka liƙa da `Paste Special` sannan `Values`, sai lambobi tsurarsu su rage. Idan kuwa aiki zai ci gaba da yi a kai, ka riƙe `Ctrl` ka danna duka tab ɗin da suka dogara da juna ka kwafe su tare, sai su ci gaba da kallon junansu a sabon gida.

Wannan zaɓen tab da yawa lokaci guda yana buƙatar hattara. Muddin suna zaɓe tare, za ka ga kalmar `Group` kusa da sunan fayil a saman allo, kuma abin da ka rubuta a gida ɗaya zai shiga wannan gidan a dukkansu, ya danne abin da ke can. Da ka gama, danna dama ka zaɓi `Ungroup Sheets`.

Sauya suna kuwa shi ne mafi aminci a cikinsu. Danna tab sau biyu, ka rubuta, ka buga `Enter`, duk fomular da ke ambaton tsohon sunan za ta gyara kanta. Banda wadda aka rubuta sunan shafi a cikinta a matsayin zallar rubutu, kamar `=INDIRECT("Maris!D40")`. Ita wannan `#REF!` za ta nuna da zarar sunan ya canza. Sunan ba ya wuce harafi 31, shafi biyu ba sa ɗaukar suna ɗaya a fayil guda, kuma ba a yarda da waɗannan alamomi ba:

```
: \ / ? * [ ]
```

Saboda haka kwanan wata irin `12/3/2025` ba zai shiga ba, sai `12-3-2025`. Akwai doka ɗaya da ta fi shafar masu rubuta Hausa: suna ba ya farawa ko ƙarewa da alamar `'`. Shafin masu cin bashi ba zai karɓi `'Yan bashi` ba, sai ka rubuta `Yan bashi` ko `Masu bashi`. A tsakiyar kalma, kamar `Ma'aikata`, yana karɓa, amma a fomula alamar ninkuwa take yi, ta zama `='Ma''aikata'!B4`, abin da ke rikita mai bugawa da hannu.

Sai ɓoyewa. Danna dama, `Hide`, shafin ya ɓace daga jeri. `Unhide` ya dawo da shi. Yana da kyau ga shafin jerin farashi da ba a son ana tuntuɓe da shi kullum. Amma shafin da aka ɓoye yana nan a mazauninsa, kuma idan yana tsakanin `Farko` da `Karshe` ana ci gaba da tara shi. Yaron nan da ya ɓoye `Fabrairu (2)` maimakon ya fitar da shi, jimilla tana nan a 1,700,000, kuma yanzu ma ba a ganin dalili. Idan lissafi ya ƙi daidaita kuma jerin tab ya yi kyau a ido, danna dama ka duba ko `Unhide` yana dannuwa. In yana dannuwa, akwai wani abu a ɓoye. Don haka ne ban so a ɓoye shafukan iyaka biyun nan, domin amfaninsu a gan su ne.

Wasu na ɓoye shafin albashi ko na farashin sari su tura fayil ɗin waje, suna ganin sun rufa asiri. Duk wanda ya karɓa, dannawa biyu ce tsakaninsa da shi. Idan kana son hana ma'aikatan shago bayyanawa, matsarwa, sharewa ko sauya sunan shafi, shiga `Review`, ka danna `Protect Workbook`, ka tabbatar `Structure` na da alama, ka sa kalmar sirri. Wannan yana tsare jerin tab daga hannun ganganci, amma ba ya rufe abin da ke cikin shafin: wanda ya san sunansa zai iya rubuta `=Albashi!C5` a kowane gida ya ga lambar. Fayil ɗin da zai fita daga hannunka, ka yi masa kwafi na daban, ka mayar da fomuloli lambobi, ka share shafin sirrin daga cikin kwafin, sannan ka tura.