Tambaya da Amsa: Me Ya Sa Malamina Ya Ƙi R² Mai Girma?

Tambaya: Ni ɗalibin aikin gona ne a Damagaram, ɗan Belbeji. Na auna amfanin gero a gonaki 20 na wajen Tarka, ina neman abin da ke bambanta su. Da na sa yawan taki da ranar shuka a lissafin rigireshan, R² ya ba ni 0.55. Na ƙara abubuwa bakwai, har da yawan noma, shekarun manomi, yawan tumakinsa da ko yana da amalanke, ya hau 0.70. Amma malamina ya ce na farkon ya fi. Ta yaya 0.55 zai fi 0.70?

Amsa: Malaminka yana da gaskiya, kuma lambobinka ne shaidarsa.

Gonakinka ba su ba da gero daidai da juna ba: wata ta tara dami, wata ko abincin wata uku ba ta kawo ba. R² yana faɗin kaso nawa na wannan bambanci lissafinka ya iya bayyanawa. Wato 0.55 na nufin taki da ranar shuka sun ɗauke kashi 55 cikin ɗari, saura 45 yana wajen abin da ba ka sa a lissafin ba, kamar yadda ruwan Damargu ke sauka a wannan ƙauye ya tsallake na kusa da shi.

Aibin R² shi ne ba ya sauka. Duk abin da ka ƙara masa, ko dai ya hau ko ya tsaya inda yake. Dalili kuwa, kwamfuta tana zaɓen ma'aunin da zai rage kuskure iya ragewa. In sabon abin ba shi da amfani, tana iya ba shi sifili, komai ya tsaya yadda yake. Amma a gonaki 20 da wuya a rasa ɗan dacen da za ta kama, ko da lambar takalmin manomi ka ba ta. Abin yana da ƙa'ida: in ka zuba abubuwa k da ba ruwansu da gero a gonaki n, R² ɗin da ake tsammani shi ne k/(n − 1). Tara cikin 19 ya kai 0.47, ba tare da an gano komai ba. Da za ka sa abubuwa 19, sai ya cika 1 cif, kamar rigar da aka ɗinka a jikin mutum ɗaya ta yadda ba za ta shiga kowa ba.

Shi ya sa aka fi son R² gyararre, wanda ake dangantawa da Mordecai Ezekiel, masanin tattalin arzikin noma na Amurka, da littafinsa na 1930. Shi yana karɓar haraji a kan kowane abu da ka ƙara:

```
R²adj = 1 − (1 − R²)(n − 1)/(n − k − 1)
```

Mu gwada da naka. Da abubuwa biyu, abin da ya rage 0.45 ne. Ka ninka da 19, ka raba da 17, ka samu 0.50, ka cire daga 1, amsa 0.50. Da abubuwa tara, ragowar 0.30 ce, amma yanzu da 10 za ka raba. Ya zama 0.57, gyararren ya faɗo 0.43. Ka ga abubuwa bakwai ɗin nan, a dunƙule, ba su biya harajinsu ba.

Ba ina nufin ka watsar da su duka ba. Ina kyautata zaton yawan noma yana da tasiri, domin gonar da ciyawa ta cinye kafin noman fari ba ta farfaɗowa da sauƙi. A ce ka ƙara shi kaɗai, R² ya zama 0.64: gyararren zai hau 0.57, ya cancanci zama. In kana aiki da manhajar R, `summary(lm(...))` tana nuna `Multiple R-squared` da `Adjusted R-squared` a layi ɗaya. Tazara mai faɗi tsakaninsu, kamar 0.70 da 0.43, alama ce ta ka cika kaya. Gyararren yana iya sauka ƙasa da sifili ma.

Sai dai kada ka miƙa masa wuya baki ɗaya. Harajinsa mai sauƙi ne: muddin ƙimar t ta sabon abu ta wuce 1, ko ta gefen ƙari ko ta ragi, zai hau, alhali an saba neman kusan 2 kafin a yarda da tasiri. Kuma ba ya faɗin sanadi. Mai tumaki da yawa yana iya samun gero mai yawa don kashinsu na zuba a gonarsa, ka ga taki ne ya sake shigowa ta wata ƙofa.

Shawarata, ka riƙe abubuwa uku da kake da hujjar noma a kansu, ka rubuta n da k da R² ɗin guda biyu a rahotonka. Damana mai zuwa, in Allah ya kai mu, ka auna wasu gonaki a wajen Tanut, ka gwada lissafin a kansu ba tare da ka taɓa shi ba. Allah ya ba da sa'a.