Kyauta Ko Sha'awa: Farfaɗo Da Ajin Da Ya Karaya

Masana halayyar ɗan Adam sun kasa abin da ke zaburar da ɗalibi gida biyu: sha'awar da ke tasowa daga zuciyarsa, da kuma kwaɗayin lada ko tsoron bulala. A shekarar 1973, Mark Lepper da abokan aikinsa sun yi wa wasu yara masu son zane alkawarin takardar yabo. Daga bisani, da babu sauran kyauta, lokacin da suke zane ya koma kusan rabin na waɗanda ba a yi wa alkawari ba.

A ɗauki aji biyu na ƙaramar sakandare da ya sha faɗuwa a lissafi. In malami ya sa biro ga wanda ya zo na ɗaya, haziƙai ƙalilan ne za su motsa, domin saura sun riga sun fid da rai. Edward Deci da Richard Ryan sun nuna cewa sha'awa na bukatar abu uku: zaɓi, jin iyawa, da kusanci da jama'a. Saboda haka sai malami ya kawo tambayoyi biyar masu sauƙi, kowa ya zaɓi uku, su warware bibbiyu, ya kuma nuna wa kowanne matakin da ya yi daidai. Alamar nasara ita ce su ci gaba da aiki bayan malam ya fita.